Takardar Neman Taimakon Faɗaɗa Asibiti: A Nuna wa Mutum Aiki, a Daina Ɗora Masa Laifi

Ranar awo a ƙaramin asibitin ƙauye, kujerun baranda kan cika tun da hantsi, ragowar mata su shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Ɗakuna biyu ne kacal: ɗaya na duba marasa lafiya da ajiye magani, ɗayan kuma nan ake awo, nan ake karɓar haihuwa. Idan naƙuda ta kama wata, sai a sallami masu awo su koma waje. Kowa a garin ya san ana buƙatar ɗaki na uku. Sai kwamitin ci gaban mazaɓa ya zauna, a ce wa sakatare ya rubuto takardar neman taimako, wadda za a karanta bayan sallar Juma'a, a kuma aika wa 'yan asalin garin da ke Kano da Abuja da Legas.

A nan ake yawan yin tuntuɓe. Sakatare, saboda abin ya dame shi, sai ya buɗe da faɗa: "Ku da Allah Ya hore wa, kuna kwana a kan katifa, iyayenku mata na haihuwa a tsakar rana. Duk wanda ya ƙi bayarwa, alhakin matan nan na wuyansa." Wani zai bayar don kunya, sau ɗaya. Amma ginin asibiti ba a gama shi da karo-karo ɗaya. Bayan bulo akwai linta, akwai rufi, akwai daɓe da ƙofofi, kuma wanda aka ci wa fuska a zagayen farko, idan ya ga lambar sakatare a zagaye na biyu ba zai ɗaga waya ba. Ga shi kuma mutumin da aka zarga da rowa yakan shiga kare kansa ne, sai ka ji yana cewa ai aikin gwamnati ne, ina kuɗin da aka tara bara? Daga nan magana ta bar kan asibiti.

Gwajin da nake yi wa irin wannan takarda mai sauƙi ne. A bi ta jimla bayan jimla, a tambaya: wannan a kan asibiti take magana, ko a kan halin mai karatu? Duk wadda ta taɓa arzikinsa, ko motarsa, ko imaninsa, a soke ta. Abin da ya rage shi ne takardar. Sau da yawa za a tarar ɗan kaɗan ne ya rage, domin marubucin bai auna komai ba tukuna.

To, a je a auna. Mu ce ɗakin haihuwar da ake so mita 4 ne a mita 5, tsayin bango mita 3. Kewayensa mita 18 ke nan, idan aka ninka da tsayi an sami murabba'in mita 54. A cire gurbin ƙofa da tagogi, a bar wajen 49. Magina kan lissafa bulo 10 a kowane murabba'in mita, saboda haka bangon zai ci bulo kusan 500, ban da na harsashi. Da wannan lissafi takarda ta sami abin faɗa. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Asibitinmu ɗaki biyu gare shi. Ranar awo, idan haihuwa ta zo, malamar asibiti takan fitar da masu awo waje domin mai naƙuda ta sami sutura. Muna so mu ƙara ɗakin haihuwa, mita 4 a mita 5. Mai gari ya ba da fili, matasa sun haƙa harsashi an zuba, an kuma buga bulo 200 cikin 500 da bango ke buƙata. Saura 300, sai siminti da rodin linta. Muna son bango ya kai linta kafin damina ta faɗi. Wanda ya ɗauki bulo 10 ya ɗauki murabba'in mita guda na bangon. Wanda yake da yashi, ko kura, ko ƙarfin kwaɓa siminti, shi ma muna maraba. Kuɗi na shiga asusun kwamiti ne, mutum uku ke sa hannu, kuma duk ƙarshen wata za a manna lissafi a ƙofar asibiti. Allah Ya saka da alheri."

A lura, babu gawa a ciki, babu tsinuwa, amma an ga malamar nan tana fitar da mata waje. Wannan hoto guda ya fi shafi guda na alƙaluman mace-macen mata masu juna biyu. A 2007 wasu masu bincike a Amurka, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, sun wallafa gwajin da ya nuna mutane sun fi ba da kuɗi da aka ba su labarin yarinya guda 'yar shekara 7 daga Mali, fiye da lokacin da aka jera masu alƙaluman miliyoyin masu fama da yunwa. Sai dai a ƙauye akwai iyaka. Kowa ya san kowa, don haka ba a kama sunan wadda ta haihu a baranda, ba a kuma yawo da hotonta a waya. A ba da labarin ɗakin, a rufa wa matar asiri.

Inda na fi so a tsaya shi ne wancan bulo 200. Masu rubutu da yawa suna ɓoye abin da aka riga aka tara, wai kada jama'a su ga an samu su janye hannu. Akasin haka ke faruwa. John List da David Lucking-Reiley sun gwada wannan a wata jami'a da ke Florida, suka wallafa a 2002: da aka sanar da masu bayarwa cewa an riga an sami kashi 67 cikin ɗari na kuɗin da ake nema, abin da aka tara ya kusa ninki shida na wanda aka tara da aka ce kashi 10 kawai ke hannu. Ba sai an je Florida ba ma. Wane ne a cikinmu bai taɓa ganin kangon gidauniya da ciyawa ta cinye ba? Mai bayarwa tsoronsa ke nan, kuma harsashin da ya gani da idonsa ya fi kowace rantsuwa kwantar masa da hankali. Saboda haka a fara aiki da abin da 'yan kwamiti suka haɗa daga aljihunsu, sannan a fita roƙo.

Farashi kuwa, a rubuta shi da kwanan wata, domin kuɗin siminti ba ya zama wuri ɗaya. Idan ya tashi bayan wata biyu, takardar da ta ce "farashin ranar kaza" ba ta yi ƙarya ba. Kada kuma a yi alkawarin da ginin ba zai cika ba. Ɗaki ba ya hana zubar jini, ma'aikaciya da kayan aiki ke yi. Kafin takarda ta fita, kwamiti ya je sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya samo amincewa a rubuce, ya kuma tambaya ko za a turo ungozoma da gadon haihuwa. Abin da suka amsa shi za a rubuta, ba ƙari.

Batun kiran sunaye a lasifika ranar ƙaddamarwa, wane ya ba da kaza, wane ya ba da kaza, ni dai ban cika sonsa ba, domin mai ɗari biyar yakan mayar da kuɗinsa aljihu ya sulale. A tambayi kowa ko yana so a ambace shi. Idan bango ya kai linta, sakatare ya ɗauki hotonsa ya aika wa duk wanda ya bayar, har da mai bulo ɗaya, ya bari a yi kwana biyu kafin ya ɗauko maganar kwano.