Yawan zubar jinin al'ada: yadda za ki gane ya wuce kima, da yadda yake ƙarar da jinin jiki

Da yawa daga cikin matan da ke zuwa asibiti a Sabon Birni da Isa da ƙorafin jiri, kasala da bugun zuciya ba sa ambaton al'adarsu sai likita ya tambaya. Idan an tambaya kuma, amsar takan zama: "Haka nake yi tun ina budurwa, haka innata ma take." Daɗewar abu a jiki ba ta nuna cewa lafiya ce. Wataƙila ke ma kin saba da zubar da ta fi ƙarfin jikinki ba ki sani ba.

A ma'aunin likitoci, mace takan zubar da jini kimanin mililita 30 zuwa 40 a al'ada ɗaya, wato babban cokalin cin abinci biyu zuwa uku. Abin da kike gani a ƙyalle ya fi haka yawa saboda jinin yana haɗe da wani ruwa daga mahaifa. Idan jinin ya haura mililita 80, ya yi yawa. Amma ba mai auna jininta da cokali, don haka ki lura da abin da za ki iya ƙirgawa.

Ki fara da yawan canji. Idan audugar mata ko ƙyallen da kika ninka yana jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya ko biyu, ko sai kin haɗa biyu kafin ki iya fita unguwa, ko kina tashi cikin dare don ki canza, ko kina wayar gari zane da shimfiɗa sun ɓaci, jinin ya wuce kima. Ƙyalle ba ya riƙe jini kamar auduga, kuma kaurinsa ya bambanta daga gida zuwa gida, don haka mai amfani da shi ta ƙirga sau nawa take wanki a rana, ta kwatanta da yadda take yi a shekarun baya. Sai gudaji: ƙanana kamar ƙwayar wake ba abin damuwa ba ne, amma wanda ya kai girman dabino ko ɓarin goro, kuma yana maimaituwa, alama ce. Sai kwanaki: al'adar da ke wuce kwana 7 ko 8 tana buƙatar a duba ta. A nan wasu matan kan ruɗe, saboda sun ji a makaranta cewa haila tana iya kaiwa kwana 15. Wancan iyaka ce ta hukuncin salla da azumi. Macen da ke jini kwana 12 duk wata tana cikin wannan iyakar, amma jikinta yana asara.

Abin da ake asara shi ne sinadarin ayon, wanda jiki ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini da shi. Kowane mililita biyu na jini yana tafiya da kusan miligiram ɗaya na ayon. Mu ɗauki misalin mace mai shekara 32 a wani ƙauye kusa da Gatawa, tana zubar da mililita 160 duk wata. Ayon miligiram 80 ke nan ya tafi. Ban da wannan, jiki kan rasa kusan miligiram ɗaya kullum ta fata da hanji, wato 30 a wata. Jimla 110. Hanjinta kuwa yana tsotso miligiram ɗaya zuwa biyu ne a rana daga abinci, a ce 60 a wata. Giɓin 50 ke nan kowane wata. Lafiyayyar mace tana da ajiya ta kusan miligiram 300 a hanta da ɓargo, saboda haka cikin wata shida rumbun ya ƙare. Idan ta yi haihuwa kusa-kusa, ko tana fama da zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki, ƙila da ma rumbun babu komai a ciki.

Abincin yankin ma yana da nasa hannun. Gero da dawa da wake suna da ayon, sai dai irin wanda hanji ke wahalar tsotsewa, ba kamar na nama, hanta da kifi ba. Shayin da ake sha tare da abinci yana ƙara rage tsotsewar, lemun tsami ko tumatir ɗanye kuma yana ƙara ta.

Da ajiyar ta ƙare, sai jinin ya fara raguwa a hankali, shi ya sa ba a lura da wuri. Matar da ke daka ta gama ba hutu yanzu sai ta ajiye taɓarya sau uku. Ɗauko ruwa daga rijiya yana sa ta haki. Cikin fatar idonta da tafin hannunta sun yi fari. Wata kan ji kwaɗayin cin farar ƙasa, ko bangon ɗaki, ko tauna ƙanƙara. Mutane na ɗaukar wannan a matsayin hali, alhali sau da yawa ƙarancin ayon ne. Gwajin da zai tabbatar yana da sauƙi, ana yin sa a babban asibitin Isa ko na Sabon Birni. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, macen da ba ta da ciki tana da ƙarancin jini idan himogulobin ɗinta bai kai 12 ba, wato PCV ƙasa da 36. Ƙasa da 8 ya yi tsanani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi kwalbar maganin ƙarin jini a kemis, ko a haɗa lemun malt da madara, a tsaya nan. Malt da madara ba su da ayon ɗin kirki. Ko maganin gaskiya ne ma, zuba ruwa ne a randa mai yoyo idan ba a rage zubar ba. Dole a yi biyun tare.

Don mayar da ayon, ƙwayar feros salfet mai miligiram 200 sau ɗaya a rana ta isa, ko rana ɗaya a tsallake ɗaya idan tana damun ciki. Ki sha da ruwa, kada ki haɗa ta da shayi, madara ko fura da nono. Bahaya zai yi baƙi, wannan ba komai. A sake gwaji bayan mako huɗu, ya kamata a ga himogulobin ya tashi da maki ɗaya ko biyu. Ko jinin ya koma daidai, ki ci gaba da sha wata uku don cika ajiyar. Mai cutar sikila kada ta fara sai da umarnin likita. Ki ajiye ƙwayar inda yara ba za su kai ba, domin tana iya kashe ƙaramin yaro idan ya haɗiye da yawa.

Rage zubar kuwa ya danganta da dalilinta. Ƙarin mahaifa, wanda ake kira faibiroid, yana cikin dalilan da aka fi gani, kuma hoton ciki ke nuna shi. Robar tazarar haihuwa ta cikin mahaifa mai jan ƙarfe tana ƙara jini, mai sinadarin homon kuma tana rage shi sosai, har ana amfani da ita a matsayin magani. Akwai ƙwayar tiranezamik asid da ake sha a kwanakin al'ada kaɗai, amma likita ne zai rubuta, don ba ta dace da macen da jini ya taɓa daskare mata a jijiya ba. Ki guji asfirin da garin ciwon kai mai ɗauke da shi a lokacin al'ada. Budurwar da tun al'adarta ta farko take zubar da jini sosai, kuma tana yawan haɓo ko jinin dasashi, a duba ko jininta ba ya saurin daskarewa. Ana yin irin wannan gwajin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Akwai jinin da ba na al'ada ba ne ko kaɗan. Idan kin yi ɓatan wata sannan jini ya ɓalle, musamman da ciwon mara, a fara da gwajin ciki: yana iya zama ɓari ko ciki a wajen mahaifa. Jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke da shekara ɗaya, yana buƙatar a duba mahaifa da bakinta ko da ɗigo ne. Idan kuma kina jiƙa auduga duk awa har awa biyu a jere, ga jiri idan kin miƙe, ko numfashi na gagarar ki kina zaune, ki tafi asibiti a ranar. Da yadda hanyoyin yankin suke a 'yan shekarun nan, ba kullum ake samun mota da dare ba, don haka ki tashi tun da rana, tare da ɗan'uwan da zai iya ba da jini idan an buƙata.