Jadawalin darussa a shafin Excel: yadda ake kama karo tun kafin a liƙa shi a bango

A makon farko na zangon karatu, ba abin mamaki ba ne a ga malamai biyu tsaye a ƙofar aji ɗaya, kowa da littafinsa a hannu, kowa yana cewa lokacinsa ne. Can kuma a wani aji yara na ta surutu babu kowa a gabansu, domin malamin da aka rubuta musu an kuma rubuta shi a wani wurin a daidai wannan lokaci. Akan ɗora laifin a kan mataimakin shugaban makaranta da ya zana jadawalin a kwali. Ni kam ba na ganin laifinsa sosai. Idon mutum yana iya bin aji ɗaya daga Litinin zuwa Juma'a, amma ba ya iya riƙe malamai, azuzuwa da ɗakuna gaba ɗaya a kallo guda.

Shafin lissafi na kwamfuta, wato irin su Excel, Google Sheets ko LibreOffice Calc, yana iya wannan riƙon. Sai dai kada a yi zaton shi zai tsara jadawalin. Mutum ne zai zauna ya tsara, aikin shafin shi ne ya nuna ja duk inda aka yi karo. Kuma ko wannan ba zai iya ba sai an jera masa bayanan yadda zai iya ƙirga su.

A nan ne yawancin mutane ke kaucewa. Sukan buɗe shafi su kwafi abin da ke kan kwali, ranaku a gefe, firiyod a sama, su haɗe akwatuna, su cusa sunan darasi da na malami a akwati ɗaya. Yana da kyau a ido, amma kwamfuta ba ta da abin da za ta ƙirga a ciki. Abin da ake so shi ne dogon jeri, kowane darasi ɗaya da layinsa na kwance shi kaɗai. Layin tsaye na A ya ɗauki rana, B lambar firiyod, C aji, D darasi, E malami, F kuma ɗaki. Darasi mai firiyod biyu a haɗe, irin na gwaje-gwajen kimiyya, layi biyu zai ci.

Mu ɗauki misalin ƙaramar sakandare mai azuzuwa 6, daga 1A da 1B har zuwa 3A da 3B. Daga Litinin zuwa Alhamis ana yin firiyod 8 a kullum, ranar Juma'a kuma 5 saboda a tashi da wuri a tafi masallaci. Kowane aji yana da firiyod 37 ke nan a mako, makarantar gaba ɗaya 222. Sai a fara rubuta waɗannan layuka 222 da aji, darasi, malami da ɗaki, a bar gurbin rana da na firiyod babu komai tukuna. Idan 1A na da lissafi sau 5 a mako, layi 5 ke nan na lissafi. Ta haka babu ajin da zai wayi gari a tsakiyar zango ya tarar an ci masa darasi ɗaya.

Kafin a saka ko da rana ɗaya, akwai ɗan lissafin da ke ceton mutum daga kwana a zaune. A ce malamin lissafi ɗaya ne a makarantar. Azuzuwa 6 sau 5 ya ba da firiyod 30, a cikin 37 da ake da su. Nauyi ne, amma zai shiga. To idan malamin nan mai yi wa ƙasa hidima ne, kuma ranar Alhamis yake fita aikin al'umma da hukumarsu ta ɗora musu fa? An cire 8 daga 37, saura 29. Darasi 30 ba zai shiga gurbi 29 ba ko da wace fomula aka kawo. Maganinsa a ofishin shugaban makaranta yake, a ɗauke masa aji ɗaya a ba wani malami, nauyinsa ya dawo 25. Irin wannan awon ake yi wa kowane malami, da kowane ɗakin da ake rububinsa, kamar ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin kwamfuta.

Karo iri uku ne kawai, kuma tambaya ɗaya ce ke tona su duka: a wannan rana, a wannan firiyod, sau nawa wannan suna ya fito? Fomular da ke amsa wannan ita ce COUNTIFS, wadda Excel ya zo da ita tun fitowar 2007. Ana rubuta waɗannan uku a G2, H2 da I2, na malami, na aji da na ɗaki, sannan a ja su har ƙasan jerin.

```
=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,B2,E:E,E2)
=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,B2,C:C,C2)
=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,B2,F:F,F2)
```

Idan amsa ta fito 1, lafiya lau, layin kansa kaɗai ya ƙirga. Idan 2 ce ko fiye, an yi karo. A Excel, 0 na nuna akwai gurbin da ba a cike ba, don haka darussan da ba a ba su rana ba tukuna za su tsaya a kan 0 har a zo kansu. Mai aiki da Excel na Faransanci, kamar yadda ake yawan samu a Nijar, zai tarar sunan fomular NB.SI.ENS ne, kuma ; ake sawa a madadin waƙafi.

Don kada a riƙa bin lambobi da yatsa, sai a zaɓi jerin tun daga A2, a shiga Conditional Formatting, a ba shi wannan ƙa'ida tare da jan launi:

```
=MAX($G2:$I2)>1
```

Yanzu a fara sakawa, kuma da masu wuya ake farawa. Malamin da ba ya nan wata rana, malamar da ke zuwa kwana biyu kawai a mako, darussa masu firiyod biyu a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ya fara da masu sauƙi zai zo ƙarshe ya tarar guraben da suka rage ba su dace da kowa ba.

Ga yadda abin ke kasancewa a gaban mutum. Layi na 2 yana ɗauke da lissafin 1A, malami M01, an sa shi Litinin firiyod 3. Can ƙasa a layi na 113 an zo kan lissafin 2B, malamin dai M01, hannu ya sake rubuta Litinin da 3. Nan take layukan biyu suka koma ja, G na nuna 2 a kowannensu, H da I kuma suna kan 1. Wannan ya gaya maka azuzuwan da ɗakunan ba su da matsala, malamin ne aka raba biyu. Ka mayar da lissafin 2B firiyod 5, sai G ya dawo 1 amma H ya tashi 2, domin 2B na da darasin Hausa a wannan lokacin. Ka ɗauko Hausar ka kai ta firiyod 3 da ka bari, sai wani ja ya ɓullo, ashe malamar Hausa, M04, tana 3A a firiyod 3. Sai da ka kai Hausar 3A ɗin firiyod 6, inda malamar da ajin duk babu kowa a kansu, sannan shafin ya yi fari. Gyara ɗaya ya jawo uku. A kan kwali, na biyu da na uku sai yara sun zauna a aji ake ganinsu.

Abin da ya fi haɗari shi ne shafi ya yi fari alhali akwai karo. Sanadinsa kusan kullum rubutun suna ne. Wani wuri an rubuta Malam a gaban sunan, wani wuri an gajarta shi, wani wuri kuma an bar tazara ɗaya a bayan sunan wadda ido ba ya gani. A wurin kwamfuta mutane uku ne daban, don haka ba za ta ga laifi ba idan an sa su a firiyod ɗaya. Shi ya sa na fi son lambobi irin M01 da M04, da jerin sunayen a wani shafi daban. A kuma yi amfani da Data Validation a kulle layin rana, aji, malami da ɗaki, ta yadda zaɓa ake yi daga jeri, ba bugawa da hannu ba. Mai son tabbatarwa ya ƙirga layukan kowane malami ya tara. Idan jimlar ba ta kai yawan layukan jerin ba, akwai sunan da ya karkace.

Akwai kuma jan da ba laifi ba ne. Inda ake raba aji biyu a firiyod ɗaya, wasu su tafi ilimin addinin Musulunci wasu na Kirista, layi biyu ne a aji ɗaya, H zai nuna 2. Haka idan aka haɗa 3A da 3B a babban ɗaki wurin malami ɗaya, G da I za su nuna 2. Wasu kan sauya sunan ajin zuwa rukuni-rukuni don jan ya ɓace, amma hakan na makantar da fomular, ba za ta ƙara gane cewa yaran rukunin su ne yaran 1A ba. Gara a bar jan, a rubuta dalilinsa a layin J, a kula kawai kada lambar ta wuce 2.

Jadawalin da za a liƙa a bango da wanda za a miƙa wa kowane malami, daga wannan jeri ake fitar da su ta hanyar tace aji ko malami. Duk wani sauyi na tsakiyar zango a jerin ake yinsa, a sake bugawa. Ranar da aka fara gyara da biro a takardar bango, jerin ya daina faɗin gaskiya. Lambar firiyod da aka rubuta a madadin ƙarfe kaza tana da ranarta a watan azumi: idan an rage tsawon darussa, lokacin ƙararrawa kawai ake sauyawa, jerin na nan yadda yake.

Amma wannan lambar tana da tarkonta. A makarantar da ke da sashen firamare da na sakandare, kowanne da ƙararrawarsa, firiyod 3 na wancan na iya faɗawa cikin firiyod 4 na wannan. Malamin Larabci da ke koyarwa a sassan biyu zai yi karo, shafi kuma fari fat. Irin wannan malami sai an fitar da layukansa an duba su da agogo. Fomular ba ta kuma san cewa an jera wa mutum firiyod 6 babu hutu ba, ko an tura lissafi ƙarshen rana kullum lokacin da zafi ya gama da yara. Idan makaranta ta girma, azuzuwa suka kai gommai da darussan zaɓi na manyan aji, juya layuka da hannu kan gagara. A nan ne ake komawa ga manhajojin da aka gina don wannan aiki, irin su FET, wadda kyauta ce kuma ita ke nemo guraben da kanta. Ita ma abin da za ta fara nema shi ne jerin malamai, azuzuwa, ɗakuna da yawan darasin kowa a mako.