Fassara ba ta mayar da aikin wani ya zama na mai fassarawa

Satar fasaha a fagen ilimi ita ce mutum ya gabatar da kalmomin wani, ko tunaninsa, ko sakamakon bincikensa, a matsayin nasa ba tare da ambaton mai su ba. Nau'inta da ya fi wuyar kamawa shi ne wanda ke bi ta hanyar fassara, kuma ya shafi ɗaliban ƙasar Kano kai tsaye, domin ɗan Dagumawa da ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, ko a Jami'ar Bayero, galibi da Turanci yake rubuta kundin digirinsa, alhali da yawa daga cikin abin da aka rubuta game da ƙasarsa da Hausa ne ko da Larabci.

A ɗauki misalin ɗalibin da ke bincike kan jihadin 1804, wanda ya buɗe Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, littafin da aka kammala a 1812, ya juya shafuka biyu daga Larabci zuwa Turanci da kansa, ya saka su a babi na biyu babu madogara. Hujjarsa ita ce kowace kalmar Turanci da ke wurin shi ya zaɓo ta, kuma wannan gaskiya ne. Sai dai zaɓen abubuwan da aka ba da labarinsu, da jerin da suka zo a kai, da hukuncin da aka yanke kan mutane da yaƙe-yaƙe, duk na Bello ne. Malamin da ke duba kundin zai ɗauka ɗalibin ne ya tattaro bayanan ya auna su, ya ba shi maki a kan aikin da bai yi ba. Akwai kuma wata ɓarnar da ta fi wannan: Bello kwamanda ne a yaƙe-yaƙen da yake ba da labarinsu, saboda haka idan aka cire sunansa, shaidar ɓangare ɗaya ta rikiɗe ta zama tamkar hukuncin mai bincike da ba shi da ɓangare, mai karatu kuma ya rasa hanyar komawa ga asali ya tantance.

Gyaran ba shi da wahala. Idan fassarar ta bi jimlolin asali sau da ƙafa, sai a sa ta cikin alamar buɗe zance da rufe shi, a ambaci marubuci da littafi da shafi, a kuma bayyana cewa mai kundin ne ya fassara. Idan taƙaitawa aka yi, alamar zance ta faɗi, amma ambaton madogara yana nan. Idan kuwa fassarar E. J. Arnett ta 1922 aka yi amfani da ita, sunaye biyu ake bin ɗalibin bashi, na Bello da na Arnett.

Sau da yawa ana haɗa wannan batu da haƙƙin mallaka, alhali abubuwa biyu ne daban. Haƙƙin mallaka na doka ne kuma yana da wa'adi, wanda a Nijeriya shekara 70 ne bayan rasuwar marubuci, kuma a cikin wa'adin fassara littafi don bugawa na buƙatar izini. Bello ya rasu a 1837, don haka kowa na iya fassara shi babu neman izini, amma wajibcin ambaton sunansa ba ya ƙarewa da wucewar shekaru, domin amana ce tsakanin marubuci da mai karatu.

Shahara ma ba ta kare mai wannan aiki. Mawallafin Ingila Samuel Taylor Coleridge ya fassara dogayen sassa daga masanin falsafa na Jamus Friedrich Schelling ya saka a littafinsa Biographia Literaria na 1817 ba tare da nuna inda maganar Schelling ta fara da inda ta ƙare ba, duk da cewa ya ambaci sunansa a dunƙule. Thomas De Quincey, wanda ya iya Jamusanci, ya tona lamarin a 1834, shekarar da Coleridge ya rasu.

Har yau mai jin harsunan biyu ne ya fi kama irin wannan sata, domin manhajojin da jami'o'i ke amfani da su sun fi ƙarfi wajen gano kalmomin da suka zo iri ɗaya, kuma littafin da ke rubuce da ajami ko da hannu galibi ba ya cikin rumbunsu. Malamin da ya san asalin yakan lura cewa hujjoji sun zo a jeri ɗaya da na littafin, cewa kuskuren shekara ko na suna ya biyo fassarar yadda yake, ko cewa salon Turancin ɗalibin ya sauya kwatsam, har ana jin ginin jimlar Larabci a ƙarƙashinsa. Daga nan sai ya nemi ɗalibin ya faɗi inda ya samo wani bayani guda daga cikin shafukan, wanda kuwa ya fassara ya ɓoye ba shi da amsar da zai bayar face sunan littafin da ya ƙi ambata.