Horon Aiki a Jamus: Bizar da Ake Nema da Takardun da Kamfani Zai Bayar

Ɗalibin da kamfanin ƙasar waje ya ɗauka horon aiki yakan ga kamar ya gama da babban abu. Amma a ofishin jakadanci, wasiƙar taya murna ba ta wadatarwa. Abin da jami'in biza ke dubawa shi ne ko takardun kamfanin sun cika sharuɗɗan doka. Bari mu ɗauki Jamus misali, da ɗalibar injiniya daga wata jami'a a Kano wadda wani kamfani ya gayyata horon wata 5.

Tambayar farko ita ce wace biza za ta nema. A dokar Jamus, horon aiki a kamfani yakan shiga sahun aiki ne ko da ba a biyan ko sisi, don haka bizar yawon buɗe ido ba ta halatta shi, kuma a ƙa'ida ba a sauya ta bayan an shiga ƙasar. Bizar Shengen ta gajeren zama iyakarta kwana 90 cikin 180. Tunda wata 5 ya zarce haka, ɗalibar za ta nemi bizar dogon zama ta Jamus, wadda kuɗinta Yuro 75 ne.

Sashe na 16e na dokar zaman baƙi shi ne ya dace da ita. Yana karɓar wanda ke karatu a jami'a, ko wanda ya kammala cikin shekara 2 da suka wuce, muddin horon ya dace da fanninsa da matakin karatunsa. Izinin ba ya wuce wata 6. Saboda haka idan aka tura ɗalibar injiniya sashen karɓar baƙi, ko aka rubuta mata wata 8, buƙatarta ta fita daga wannan sashe.

Takarda mafi nauyi ita ce yarjejeniyar horo, mai sa hannun ɗaliba da kamfani. Doka ta fayyace abin da za ta ƙunsa: tsarin horon da abin da za a koya, tsawon lokacinsa, yadda za a kula da mai koyo, awannin aiki, da matsayin da ke tsakaninta da kamfanin a shari'a. A nan ne aka fi tuntuɓe. Kamfanin da bai saba ɗaukar baƙi ba yakan aiko da wasiƙa mai layi huɗu da ke cewa "za ta taimaka a sashen ƙere-ƙere". Wannan siffar ma'aikaci ce, ba ta mai koyo ba. Ya kamata ɗalibar ta roƙi a rubuta dalla-dalla: watanni biyu na farko a ɗakin zane, sauran a wurin gwajin injuna, ƙarƙashin injiniya wane.

Takarda ta biyu ita ce wadda kamfanoni suka fi jan ƙafa a kanta. Kamfanin zai yi alkawari a rubuce cewa idan mai horon ta ƙi fita bayan wa'adinta, shi zai biya abin da hukuma ta kashe wajen ɗaukar nauyinta da mayar da ita gida, har zuwa wata 6 bayan ƙarewar yarjejeniya. In babu wannan, ba a bayar da izinin. Gara a tambaye su tun ranar farko, kafin a nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci.

Sai batun kuɗi. A rubuta alawus ɗin wata a cikin yarjejeniya, domin da shi ake auna ko za ta iya riƙe kanta. In bai kai ba, sai ta cike giɓin da shaidar ajiya. A Jamus, horon da jami'a ta wajabta ba ya ƙarƙashin dokar mafi ƙarancin albashi, amma na ganin dama da ya wuce wata 3 yana ƙarƙashinta. Shi ya sa wasiƙar jami'arta ke da amfani: ta tabbatar ɗaliba ce, ta kuma bayyana ko horon wajibi ne a manhaja. Inshorar lafiya kuwa, a tambayi kamfanin ko shi zai yi mata, ko ita za ta saya.

Bayan isa, tana da mako 2 daga shiga masauki ta yi rajistar adireshinta, kuma ana buƙatar takardar shaida daga mai gidan. In kamfanin ne ya ba ta ɗaki, a wurinsa za ta nema. Kafin ta dawo kuma, ta karɓi shaidar kammala horo mai ɗauke da kwanan wata da ayyukan da ta yi, takardun biyan alawus, da sa hannun mai kula da ita a littafin da jami'a ta ba ta. Neman waɗannan daga Kano, bayan an sauya wa injiniyan wurin aiki, wahala ce da za a iya kauce mata.