Daga Kwana 30 Zuwa Kwana 14: Yadda Ake Rubuta Wa Abokan Ciniki Sanarwar Rage Wa'adin Biya

Ɗan kasuwar da ke ba da kaya bashi yakan ji nauyin gaya wa abokan cinikinsa cewa ya rage musu wa'adin biya fiye da yadda yake jin nauyin gaya musu ya ƙara farashi. Ƙarin farashi kowa ya saba da shi, ana ɗora laifin a kan dala ko kuɗin mota a wuce. Amma ka ce wa mutumin da ya shekara biyar yana biyanka bayan kwana 30 ya koma biya cikin kwana 14, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ko ka daina yarda da shi. Aikin takardar sanarwa shi ne ta kawar da wannan zato, ta kuma bar mutum ya san ranar da ake jiran kuɗinsa ba tare da ya kira waya ya tambaya ba.

Mu ɗauki misalin wani dila a Kano da ke sarin shinkafa da sukari da fulawa da man girki, yana kai wa makarantun kwana masu zaman kansu da otal-otal da gidajen burodi. A ce yana ba da kayan naira miliyan 30 bashi duk wata, wato miliyan ɗaya a kullum. Idan wa'adinsa kwana 30 ne, to a kowace rana ta Allah akwai miliyan 30 na jarinsa a hannun mutane. Idan ya koma kwana 14, kuma aka riƙa biya a kan lokaci, abin da zai saura a waje miliyan 14 ne. Miliyan 16 sun dawo gida ke nan ba tare da ya sayar da ƙarin buhu ko ɗaya ba.

Me ya sa wannan lissafi ya fara damun 'yan kasuwa sosai? Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, farashi ya riƙa tashi, har hauhawarsa ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Babban Bankin Najeriya kuma ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwambar shekarar. Dilan da ke cike giɓinsa da rancen banki a kan kashi 30 a shekara, waɗannan miliyan 16 suna cin masa miliyan 4.8 a shekara, dubu 400 duk wata. Wanda ba ya taɓa kuɗin ruwa ma bai tsira ba, domin kuɗin buhu ɗari da ya bayar a farkon wata ba sa sake sayo masa buhu ɗari idan sun dawo a ƙarshensa. Ga kamfanonin da yake sara a wajensu, sai ya tura kuɗi kafin a yi masa lodi.

Dalili dai ga shi nan a fili. Amma dubi irin takardar da ake fara rubutawa:

"Sakamakon halin matsin tattalin arziki da ƙasa take ciki, da kuma yadda wasu abokan ciniki ke jan ƙafa wajen biyan kuɗi, hukumar gudanarwa ta ga ya zama dole ta sake duba tsarin bayar da bashi. Don haka daga yanzu za a riƙa biya cikin mako biyu. Muna ba da haƙuri ƙwarai da gaske bisa duk wata damuwa da hakan zai jawo."

Babu ƙarya a cikinta, amma kusan kowace jimla tana da illa. Babbar illar ita ce maganar masu jan ƙafa. Takardar za ta je hannun kowa, har da Hajiyar gidan burodin da ba ta taɓa ƙara kwana ɗaya a kan wa'adi ba, ita ce kuma za ta fi jin zafin maganar. Shi kuwa mai taurin bashin, wanda bai biya a kwana 30 ba, takarda ba za ta sa ya biya a kwana 14 ba. Maganinsa daban ne: a kira shi shi kaɗai, a tsayar masa da kaya har ya rage. A ganina, dilan da matsalarsa mutum uku ne kawai bai ma kamata ya taɓa wa'adin sauran ba.

Shi kuma "halin da ƙasa take ciki" dalili ne da ya shafi mai karɓar takardar kamar yadda ya shafi mai aikowa, don haka amsarsa a shirye take: ai mu ma a ƙasar muke. Dalilin da ke shiga kunne shi ne wanda ya nuna abin da ke faruwa a cikin shagonka kai kanka, a jimla ɗaya ko biyu: muna biya kafin lodi, muna jiran wata guda kafin kuɗin su dawo. Duk mai sana'a ya san wannan giɓi. Sai dai a kula kada bayanin ya zarce ya zama kuka. Wanda ya rubuta cewa kasuwancinsa na gab da durƙushewa ya tura abokan cinikinsa neman wani dila tun kafin ya faɗi.

Inda aka fi samun rigima kuwa shi ne "daga yanzu" da "mako biyu". Daga wace rana za a fara ƙirga? A ce an sauke kaya ranar 3 ga wata, akawu ya rubuta takardar kuɗi, wato inbois, ranar 6, ta isa teburin akantan otal ranar 10. Dila zai sa ran kuɗinsa ranar 17, akawunsa zai ce 20, akantan otal zai ce 24, kuma kowa da hujjarsa. In wani ya ce ai shi ranakun aiki yake ƙirgawa, kwana 14 sun zama 18 zuwa 20. Saboda haka dole takardar ta zaɓi rana guda, ta ce har da Asabar da Lahadi, ta kuma kawo misali da kwanan wata. Wanda ya zaɓi ranar inbois kuma ya ɗaure kansa: sai inbois ɗin ta bi direba ranar da aka kai kaya, in ba haka ba shi ne zai cinye rabin wa'adin da kansa.

Ga yadda takardar za ta kasance bayan an gyara ta, a aika ta tsakiyar watan Afrilu:

"Assalamu alaikum. Muna sanar da ku cewa daga ranar 1 ga Yuni, wa'adin biyan kuɗin kaya zai koma kwana 14 maimakon kwana 30. Za a ƙirga daga ranar da ke kan inbois, har da Asabar da Lahadi. Misali, inbois ta ranar 3 ga Yuni za a biya ta zuwa ranar 17 ga Yuni. Duk inbois da aka rubuta kafin 1 ga Yuni tana nan a kan kwana 30. Dalili shi ne kamfanonin da muke sara a wajensu sai mun biya suke mana lodi, jiran wata guda kuma yana hana mu cike sito a kan lokaci. Canjin ya shafi dukkan abokan cinikinmu. Farashi da lambar asusunmu na banki ba su canza ba. Idan wannan ya ci karo da tsarin biyanku, ku kira akawunmu kafin 15 ga Mayu mu zauna. Mun gode da hulɗarku."

Canjin ya zo a layin farko, dalilin ya biyo baya, domin mai karatu a waya ba lallai ya kai ƙarshe ba. An cire dogon ban haƙuri, wanda ke nuna kamar in an matsa za a janye. Maganar asusun banki ba ado ba ce: 'yan damfara kan fake da irin wannan sanarwa su aika da sabuwar lambar asusu da sunan kamfani. Jimlar "farashi bai canza ba" kuwa, a sa ta ne kawai in gaskiya ce kuma ba a shirin ƙari mako mai zuwa.

Akwai wani nauyi da masu rubuta sanarwa ba su cika hangowa ba, shi ne na watan farko. A watan Yuni, otal ɗin da ke ɗaukar kayan miliyan biyu a wata zai biya kuɗin kayan Mayu a tsohon wa'adi, ya kuma biya na rabin farko na Yuni a sabon wa'adi. Wajen miliyan uku ke nan a wata ɗaya. Har ma inbois ta 3 ga Yuni za ta riga ta 25 ga Mayu cika, tunda ta farko ranar 17 ce, ta biyun kuma 24. Wannan ne ya sa ake ba da tazarar mako shida, wasu kuma sukan sa kwana 21 a watan farko kafin a sauka 14.

Takarda kuma ba ta soke yarjejeniya. Idan akwai rubutaccen kwantiragi da makaranta da ya ce kwana 30, ɓangare ɗaya ba zai canza shi da saƙon WhatsApp ba, sai ɓangarorin biyu sun amince ko lokacin sabuntawa ya zo. Haka nan manyan ma'aikatu da ke biyan masu kawo musu kaya sau ɗaya a wata, bayan takarda ta bi tebur uku. Waɗannan a tambaye su ranar da suke rufe lissafi, a daidaita kai kaya da ita. Manyan abokan ciniki biyar ko goma kuwa bai kamata su fara jin labarin a takarda ba. Mai gida da kansa zai kira: "Alhaji, akwai takardar da za ta zo maka, na ce bari ka fara ji daga bakina." Takardar kuma a aika wa akantan da ke tura kuɗin, ba mai wurin kaɗai ba.

Wasu kan so su sanyaya zuciya da rangwamen kashi 2 ga wanda ya bi sabon wa'adi. A lissafa tukuna. Kashi 2 na miliyan 30 dubu 600 ne a wata, alhali abin da dilanmu zai tsira da shi dubu 400 ne.

Shirun abokan ciniki ba ya nufin sun karɓa. Inbois ɗin watan Yuni su ma a buga musu ranar biya a fili, a tura tunatarwa kwana uku kafin ranar, sannan a ƙarshen Yuli akawu ya jera sunaye da kwanakin da kowa ya ɗauka. Wanda har yanzu yake biya daidai rana ta 30, yawanci akantansa ne bai ga takardar ba. Wanda yake biya a kan lokaci amma odarsa ta ragu da rabi, ya fara ɗaukar sauran a wajen wani dilan da ke ba da wata guda, shi ne kuma ya kamata a fara kira.