Daɓe da Silin: Yadda Kwamfuta Ke Amsa Tambayar da Ba Ta Cikin Jerinta

Ɗalibi ya ci maki 63 a jarrabawa. Duk malamin da ya saba da alli, kafin ka rufe baki zai ce maka B ce. To amma ɗauko takardar ƙa'idar maki da jami'o'in Nijeriya da yawa ke amfani da ita ka duba, ba za ka ga 63 a cikinta ba. Lambobi shida ne kawai: F ta fara daga 0, E daga 40, D daga 45, C daga 50, B daga 60, A kuma daga 70. Abin da malam ya yi a ransa ba tare da ya lura ba shi ne, ya nemi lambar da ta fi girma a cikin waɗanda ba su wuce 63 ba, ya samu 60, ya karanta harafin da ke gabanta.

Wannan ɗan aikin yana da suna a ilimin kwamfuta. Lambar da kake nema da ita, kamar 63 ɗin nan, ana kiranta mabuɗi. Ka ɗauka mabuɗin mutum ne a tsaye cikin ɗaki: akwai daɓen da ya taka, akwai silin da ke bisa kansa. Daɓen mabuɗi shi ne mafi girma cikin lambobin da aka adana waɗanda ba su fi shi ba. Silinsa kuwa shi ne mafi ƙanƙanta cikin waɗanda ba su gaza shi ba. Saboda haka daɓen 63 shi ne 60, silinsa 70. Na farkon ya faɗa wa ɗalibi abin da ya samu, na biyun ya faɗa masa cewa maki bakwai ne suka raba shi da A. A allon kwamfuta za ka ga an rubuta su `floor` da `ceiling`, sunayen da Kenneth Iverson ya shigo da su lissafi a littafinsa na 1962, ko da yake shi a kan mayar da lamba mai ɗigo zuwa cikakkiyar lamba ya yi amfani da su.

Akwai inda mutane ke yawan tuntuɓe tun daga nan. Daɓe ba ya nufin lambar da ta fi kusa. Wanda ya ci 69 ya fi kusa da 70 nesa ba kusa ba, amma daɓensa 60 ne, kuma B ce tasa ko zai yi kuka da hawayen jini. Haka nan, idan mabuɗin da kansa yana cikin jerin, shi ne daɓen kansa kuma shi ne silin kansa. Wanda ya ci 60 cif ya taka 60, bai faɗa 50 ba.

Lambobi shida ido ma ya isa ya duba su. Ana shiga aiki ne idan jerin ya kai dubbai ko miliyoyi, misali kundin da ke riƙe da ranakun da farashin kaya ya sauya, aka tambaye shi nawa ake sayar da abu a wata ranar da ba a rubuta komai ba. Amsar tana ranar sauyi ta ƙarshe kafin wannan ranar, wato daɓe. Bin jerin ɗaya bayan ɗaya tun daga farko zai kai ka, amma tafiyar hawainiya ce. Shi ya sa masu rubuta manhaja kan jera lambobin a wani tsari da suke kira bishiyar bincike.

Bishiyar nan a kife take, tushenta a sama. Kowace lamba tana zaune a mararraba mai hanya biyu, kuma doka ɗaya ce ke riƙe da ita: duk abin da ke hannun hagu na lamba ya gaza ta, duk abin da ke hannun dama ya fi ta. Ga lambobinmu shida a wannan tsari:

```
      50
     /  \
   40    70
   / \   /
  0  45 60
```

Bari mu nemi daɓen 55. Mun fara daga tushe, mun tarar da 50. Ba ta kai 55 ba, don haka tana iya zama amsa. Sai mu riƙe ta a hannu, amma ba mu tsaya ba, domin wataƙila akwai wadda ta fi ta girma kuma har yanzu ba ta wuce 55 ba, irin wannan kuwa a dama kaɗai za a same ta. Mun bi dama, mun tarar da 70. Ta yi yawa, ita da duk abin da zai zauna a damanta, saboda haka sai hagu. Mun tarar da 60, ita ma ta yi yawa, sai hagu kuma. A nan hanya ta ƙare, babu kowa. Amsa ita ce abin da ke hannunmu, wato 50, ɗalibin ya samu C.

Wannan riƙewa a hannu ita ce zuciyar dabarar gaba ɗaya, kuma ita ce sabon ɗalibin kwamfuta ya fi mantawa da ita. Yakan ɗauka cewa inda tafiya ta ƙare nan amsa take. Da haka ne, da 60 za a bayar a misalin nan, a ɗaga mai C zuwa B. Abin ya yi kama da mai neman rago a kasuwa da kuɗi ƙayyadaddu a aljihu: ya ga wanda kuɗinsa ya isa, ya sa shi a rai ya ci gaba da zagaye. In ya ga mafi girma da bai fi ƙarfin aljihunsa ba, ya sauya. In kasuwa ta ƙare bai gani ba, ya koma wa na ransa, ba ragon ƙarshe da idonsa ya faɗa wa ba. Gwada da 48 ka ga sauyin: 50 ta yi yawa, sai hagu, 40 ta yi, a riƙe ta a bi dama, 45 ta fi ta kuma ba ta wuce 48 ba, a saki 40 a riƙe 45, hanya ta ƙare, D ke nan.

Neman silin juya wannan ne kawai. Lambar da ta fi mabuɗi ita ake riƙewa a bi hagu, wadda ta gaza a wuce ta a bi dama. In an ci karo da mabuɗin kansa, a ko wane nema ne, an gama.

Ribar ita ce kowane taku yana zubar da kusan rabin abin da ya rage. Bishiyar da ta zauna daidai, mai ɗauke da lambobi miliyan ɗaya, taku ashirin ne tsawonta, domin in ka ninka biyu sau ashirin za ka samu 1,048,576. Sai dai ba kowace bishiya ke zama daidai ba. Da mun shigar da lambobinmu a jere, 0, sai 40, sai 45, har zuwa 70, kowace sabuwa za ta faɗa daman wadda ta gabace ta, bishiyar ta miƙe kamar igiya, nema ya koma bin ɗaya bayan ɗaya. Amsa tana fitowa daidai, amma manhajar tana ƙara nauyi gwargwadon yadda bayanai ke ƙaruwa, kuma da wannan ake gane matsalar. Maganinta ya fito tun 1962, lokacin da Adelson-Velsky da Landis, masana biyu na Tarayyar Sobiyet, suka wallafa tsarin bishiyar da ke gyara zamanta da kanta bayan kowane ƙari. A yau mai rubuta manhaja da harshen Java ba sai ya gina komai ba. Akwai `TreeMap`, wadda aka gina a kan wata irin bishiya mai daidaita kanta, tana da `floorKey` da `ceilingKey`. Tana kuma da `lowerKey` da `higherKey`, waɗanda ba sa karɓar mabuɗin kansa a matsayin amsa. Wanda ya yi kuskuren sa `lowerKey` a lissafin maki, duk ɗalibin da ya ci 70 cif zai tashi da B, haka ma duk wanda makinsa ya faɗa cif a farkon wani mataki zai sauka ƙasa, sauran ajin kuwa sakamakonsu lafiya lau, shi ya sa kuskuren ke daɗewa ba a gano shi ba.

Wani lokaci kuma babu amsar sam. Mene ne silin 85 a jerinmu? Babu lambar da ta kai ta, don haka tafiya za ta ƙare hannu babu komai. Java takan dawo da `null` a nan, kuma manhajar da ba ta shirya wa wannan ba tana iya tsayawa cak. Da ba mu sa 0 a jerin ba, da wanda ya ci 25 ma ba shi da daɓe. Ka ga ashe sifilin nan ba ado ba ne.

Mai karatu zai ce wannan ai zancen masu rubuta manhaja ne. To, duk malamin da ke haɗa sakamako da Excel yana neman daɓe, ko ya san sunan ko bai sani ba. In ka jera lambobin nan shida daga `A2` zuwa `A7`, haruffansu a gabansu daga `B2` zuwa `B7`, makin ɗalibi kuma yana `D2`, ga abin da ake rubutawa:

```
=VLOOKUP(D2,$A$2:$B$7,2,TRUE)
```

Kalmar `TRUE` ɗin ƙarshe ita ce ke cewa in ba a samu makin cif ba, a ɗauki mafi girma da bai kai shi ba. In ka sa `FALSE`, 63 za ta dawo maka da `#N/A`, tunda ba ta cikin jerin. Sharaɗin shi ne lambobin su tashi daga ƙarami zuwa babba, 0 a sama, 70 a ƙasa. A ganina nan ne tarko mafi muni, domin mun saba rubuta A a sama, F a ƙasa, kamar yadda take a littafin ɗalibai. Excel ba ya tsayawa ya tabbatar jerin yana kan tsari. Yarda yake yi da kai, kuma in jerin a juye yake, ko dai ya nuna `#N/A`, ko ya ba da harafin da ba shi ba ba tare da wani gargaɗi ba. Tarko na biyu shi ne rubuta ƙarshen kowane mataki, irin su 49, 59, 69, a maimakon farkonsa. Da irin wannan jeri, daɓen 63 zai zama 59, kuma harafin da ke gaban 59 C ne. Sababbin fitowar Excel suna da `XLOOKUP`, wadda a cikinta -1 a gurbin nau'in dacewa ke nufin daɓe, 1 kuma silin, kuma a yadda take aiki in ba a sauya mata hanyar bincike ba, ba ta buƙatar jerin ya kasance a tsare.

Saura batun maki mai ɗigo. Wanda ya tashi da 69.5, daɓensa 60 ne, kwamfuta ba ta san sassauci ba. In dokar makaranta ta ce a cika irin wannan zuwa 70, sai a cika kafin a nema. Abin haushi ma, Excel na iya nuna 70 a allo idan an ɓoye ɗigon, alhali 69.5 ce a ciki, sai ka ga 70 da B a layi ɗaya ka rasa dalili.

Malam, kafin ka liƙa sakamakon aji a allon sanarwa, ka ƙara layuka bakwai na gwaji a ƙasan takardarka: 0, 39, 40, 59, 60, 70 da 100. In suka ba ka F, F, E, C, B, A, A, jerinka ya zauna daidai. In ko ɗaya ya saɓa, kada ka buga takardar tukuna.