Yadda Murfin Kwalba Ke Tafiya da Kansa a Allon Waya

Murfin kwalbar lemo ba ya motsi, amma wayarka za ta iya sa shi ya ratsa tebur kamar mai rai. Dabarar ita ce ka ɗauki hoto, ka matsar da murfin kaɗan, ka janye hannu, ka sake ɗauka. Idan aka jera hotunan da sauri, sai ido ya ga tafiya. Da irin wannan aka yi finafinan Wallace da Gromit a kamfanin Aardman na Bristol, a Ingila.

Kafin ka taɓa waya, yi lissafi. Fim ɗin silima yana nuna hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, amma 12 sun ishi mai farawa. A ce murfin zai yi tafiyar santimita 24 cikin daƙiƙa biyu: hoto 24 ke nan, kowane matsi santimita ɗaya. Sai dai in ka bi wannan awon sak, tafiyar za ta fito a sandare. Ka fara da matsin milimita biyu ko uku, ka faɗaɗa a tsakiya, sannan ka rage dab da tsayawa. A manhajar Stop Motion Studio ana iya ganin inuwar hoton baya a kan na yanzu, don haka ba sai ka yi kirdado ba.

Lissafin nan shi zai gaya maka dalilin gudun hasken rana. Fim na daƙiƙa goma hoto 120 ne. In kowanne ya ci rabin minti, awa guda ta tafi, kuma a cikinta rana ta gusa, inuwa ta juya, wataƙila gajimare ya gifta. Ido ba ya lura lokacin aiki, sai an kunna fim a ga yana ƙyaftawa. Saboda haka rufe taga da labule mai kauri, ka kunna fitila ɗaya, kada ta motsa. Mu da ake yawan ɗauke mana wuta, fitila mai caji ce mafita, amma a cika ta fal, domin da yawansu suna dushewa sannu a hankali idan batir ya yi sanyi.

Ita ma wayar tana da nata shisshigin: takan gyara haske da kanta a kowane hoto. Dole a kulle ta. A iPhone, danna allon ka riƙe har AE/AF Lock ya bayyana. Farar riga ma tana maido haske kan tebur. Sa baƙa, ka riƙa komawa wuri ɗaya kafin kowace ɗauka.

In ka ga bango da tebur suna rawa tare da murfin, wayar ce ta gusa. Kafe ta tsakanin littattafai, ka liƙe da salatif, ka riƙa ɗauka da maɓallin ƙara sauti na abin sauraron kunne mai igiya, don kada yatsanka ya taɓa ta. Gwada hoto 24 tukuna, ka kalla, kafin ka shiga na 120.